Yadda Ake Ɗora Muryar Hausa a Kan Bidiyon Faransanci Har Baki Ya Dace da Magana

A nan Garwa, a arewacin Kamaru, mafi yawan bidiyon da ake kawo mini don a mayar da su Hausa da Faransanci suke zuwa: na noma, na rigakafi, na koyon sana'a, wani lokaci ɗan guntun wasan kwaikwayo. Mai kallo a unguwar Hausare ko a ƙauyukan bakin Binuwai ba ya buƙatar a gaya masa aiki ya yi ko bai yi ba. Da ya ga mutum ya rufe baki amma murya na ci gaba da zuba, hankalinsa ya bar saƙon ya koma kan bakin. Abin da shekaru suka koya mini shi ne, dacewar baki da magana a kan takarda ake samunta, tun kafin a kunna makirufo. Wanda ya gyara rubutunsa zai gama ɗauka cikin sauƙi. Wanda ya ɗauki fassarar da ta yi tsawo kuwa, duk jan da zai yi wa sautin a kwamfuta ba zai cece shi ba.

Zan bi da kai ta misali guda: bidiyo na minti 3 inda malamin gona ke koya wa wani dattijo yadda ake adana wake a buhu mai ruɓi uku, wato leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje.

Kayan aiki

- Kwamfuta, ko da tsohuwa ce, in dai tana iya kunna bidiyo ba tare da tsinkewa ba.
- Manhajar haɗa bidiyo. Ni `Shotcut` nake amfani da ita, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. `Kdenlive` ma ta yi.
- `Audacity` don gyaran sauti. Ita ba ta nuna hoto, don haka ba za ta wadatar ita kaɗai ba.
- Makirufo. Ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga ya isa ga mai farawa.
- Abin ji na kunne mai igiya, irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, wanda a nan muke kira kas.
- Takarda mai layi, fensir, da ruwan sha.

Kada ka yi aiki da kas marar igiya. Irinsa yana jinkirta sauti kafin ya iso kunne, jinkirin da ya isa ya sa mai murya ya riƙa shiga a makare duk tsawon aikin ba tare da ya san dalili ba. In ba ka da makirufo, wayarka ta yi: ka ɗora ta a kan littattafai daidai tsayin haɓa, ka sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya shigo. Zan faɗi yadda ake daidaita abin da aka ɗauka da waya a mataki na biyar.

Kafin komai, ka nemi izinin mai bidiyon a rubuce. A cikin saƙon ka tambaye shi ko yana da sautin da babu magana a ciki, kiɗa da motsi kawai. Masu aiki da Faransanci suna kiransa `version internationale`. In ya ba ka shi, ya rage maka rabin wahala.

1. Ka shirya bidiyon

Bidiyo hotuna ne da ke bin juna da sauri, kowane hoto ana ce masa firem. Mafi yawan abin da aka yi don talabijin a yankinmu da Turai firem 25 ne a sakan guda, wato kowane firem kashi ɗaya ne cikin 25 na sakan. Da firem za ka riƙa auna komai, don sakan ya yi girma ga aikin baki.

Matsalar ita ce bidiyon da aka ɗauka da waya sau da yawa adadin firem ɗinsa ba ya tsayawa wuri guda, yana hawa yana sauka. In ka yi aiki a kansa haka, farko zai dace, amma kafin ƙarshe murya ta zame. `Shotcut` takan gane irin wannan ta nemi ta juya maka shi, ka amince. In kana da `ffmpeg`, wannan ya isa:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -r 25 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac -ar 48000 aiki.mp4
```

In asalin bidiyon na 30 ne, ka sa 30 a wurin 25. Lambar 48000 ɗin nan ma'aunin sauti ce da bidiyo ke tafiya da ita. Ka sa ta a `Audacity` ma, kuma kada ka sauya har ka gama.

2. Ka yi wa maganar alama

Ka kalli bidiyon sau biyu ba ka taɓa komai ba. Na uku ka kashe sauti gaba ɗaya ka zuba wa baki ido. Za ka yi mamakin abin da za ka gani: inda mutum ya buɗe baki ya ja numfashi kafin ya fara, inda ya gyaɗa kai, inda ya juya wa kyamara ƙeya.

Sannan ka zauna da takarda. A `Shotcut` kibiyar dama da ta hagu suna matsar da bidiyo firem ɗaya-ɗaya, `M` kuma tana dasa alama. Ga kowace jimla ka rubuta abu huɗu: firem ɗin da baki ya fara motsi, inda ya tsaya a tsakiya da tsawon tsayawar, firem ɗin da ya daina, da kuma yadda fuska take a hoton. Na ƙarshen nan ni da harafi nake rubuta shi. K idan kyamara ta matso kusa har ana ganin leɓɓa, N idan mutum yana nesa, B idan ba a ganin bakinsa sam. A bidiyon waken nan jimloli 41 ne, 9 kacal suka faɗo a K. Waɗannan 9 su za su ci maka lokaci. Sauran, in ka kama farko da ƙarshe, sun wuce.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi a nan shi ne dogara da rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan hoto. Shi an tsara shi ne don ido ya samu damar karantawa, yakan riga magana fitowa kuma ya daɗe bayan an yi shiru. Baki za ka bi.

Ga jimlar da za mu yi aiki a kanta, yadda na rubuta ta:

```
41:05  Fermez bien le premier sac
42:15  (shiru, firem 8)
42:23  avant de fermer le deuxième.
44:10  K
```

Lambar farko sakan ce, ta biyu firem. Rabin farko firem 35, shiru 8, rabin biyu 37. Duka 80, wato sakan 3 da firem 5.

3. Fassara, sannan ɗinki

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Ka fara da fassara cikakkiya, ba ruwanka da tsawo, don ka tabbata ma'ana ta zauna. Jimlarmu za ta zama: "Ka tabbata ka ɗaure bakin buhu na farko da kyau kafin ka ɗaure bakin buhu na biyu." Hausa ce mai kyau, amma ƙirga gaɓoɓinta da yatsa: 28 ne. Ta Faransancin 15 ce, 7 kafin shirun, 8 bayansa. Ko mai sanarwar kasuwa ba zai cusa 28 a sakan uku a ji shi ba.

Don haka sai ɗinki. Kamar tela ne da aka ba shi yadi aka ce ga awon mai riga. Ka auna mai muryarka tukuna: ba shi ya karanta layi biyar da saurin hira, ka ƙirga gaɓa nawa yake yi a sakan. Waɗanda nake aiki da su suna yin 5 zuwa 6. Da wannan ka san firem 35 ba za su ɗauki fiye da gaɓa 8 ba.

Me za a yanke? Abin da hoto ya riga ya faɗa. Hannun malamin yana kan bakin buhun, don haka "bakin" ta tafi. "Ka tabbata" cikon magana ce. Maimaita "buhu" a rabi na biyu ba dole ba ne. "Da kyau" kuma Hausa tana da abin da ya fi ta gajarta da ƙarfi, wato "tam". Irin waɗannan kalmomi, tam, ƙaf, tsaf, sarai, cak, su ne jarin mai wannan sana'a, gaɓa ɗaya ko biyu suna ɗaukar abin da Faransanci ke faɗa da kalmomi uku. Ga inda na tsaya:

"Fara ɗaure buhun farko, (shiru) sai ka ɗaure na biyu tam."

Gaɓa 8 da 8. Shirun ya faɗo inda Bahaushe ma zai numfasa, tsakanin aiki na farko da na biyu. Wannan ya fi komai muhimmanci bayan farko da ƙarshe. Idan shirun ya raba kalma da abokiyarta, misali "fara ɗaure buhun" sai shiru sai "farko", kunne zai ji an sare maganar ko da hoton ya dace.

Yanzu leɓɓa. Mai kallo ba ya ganin abin da harshe ke yi a cikin baki. Abu uku kawai yake gani: leɓɓa sun haɗu, baki ya buɗe sosai, ko baki ya tsuke ya yi zobe. Haɗuwar leɓɓa ita ta fi fitowa fili. A Faransanci tana zuwa da p, b, m, kuma f da v suna kusa da ita. A Hausa muna da b, ɓ, m da f. Muna ma da sa'a guda, domin f ɗin Bahaushe da yawa da leɓɓa biyu yake fita, don haka yana zama daidai a gurbin p. Duba jimlarmu. Malamin ya fara da f, mu ma da "fara". Gaɓarsa ta biyar ta fara da p, tamu ta biyar "bu" ce. Ya ƙare jimlar da leɓɓa a haɗe a kan m, mu ma mun ƙare da "tam". Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni wuya a kullum, saboda kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, baki a buɗe. Shi ya sa nake da ɗan jerin kalmomi masu ƙarewa da m a bangon littafina: tam, kam, kullum, mutum, malam, sam. "Kam" kaɗai ta fitar da ni kunya sau da yawa.

Akwai abin da ban samu ba. Rabin farko ya ƙare da baki a buɗe, "farko" kuwa zobe take yi. Na bar shi haka. Haka nan "tam" ta koma kan buhu na biyu alhali a asali kan na farko take. A nan babu illa, don kowace leda sai an ɗaure ta tam ita kaɗai kafin ta gaba. Amma da maganar awon magani ce ko yawan kwanaki, ba zan motsa komai ba ko da baki zai saɓa. Tsarin da nake bi ke nan: ma'ana, sai farko da ƙarshe, sai shiru, sai haɗuwar leɓɓa, sai siffar wasali in an samu.

Gajerun amsoshi suna da nasu dabaru. Idan dattijon ya ce "marsi boku", leɓɓansa a haɗe suka fara, don haka "mun gode" ko "madalla" sun fi "na gode" zama. Idan ya ce "wi" baki a tsuke, "to" ta fi "i" dacewa.

Wani gargaɗi da ya shafi Hausa musamman: idan jimla ta gaza tsawo, kada ka bar mai murya ya ja wasali don cike gurbi. Tsawon wasali a harshenmu yana sauya ma'ana. Ja farkon "gari" kaɗan, garin da ake zama ya koma garin tuwo. Ka ƙara ƙaramar kalma maimakon haka: dai, fa, kuwa, ma, ai, to. Suna cike gaɓa, kuma suna sa magana ta yi kama da ta baki.

Sai ladabi. Malamin gonar matashi ne, da dattijo yake magana. Bahaushe ba zai ce wa sa'an mahaifinsa "fara ɗaure" haka tsurarta ba tare da ya share fage ba. Na duba takardata na ga jimlar da ta gabata B ce, kyamara tana kan buhun. A can na sa "To Baba, ku duba nan", sai umarnin da ya biyo baya ya zama bayanin aiki. Wuraren B da N nan ne ma'ajiyarka. Gaisuwar da Faransanci ya gama da kalma ɗaya, "ina kwana, Baba, ina gajiya" ɗinmu, a can za ka shigar da ita, ka fara tun ana nuna mutum yana tahowa daga nesa.

Kuɗi ma ka kula. Wanda ya saba ƙirga da dala, wato faran biyar-biyar, in malami ya ce faran 500, a bakinsa dala ɗari ce. In ka ce "ɗari biyar" kawai, wani zai ji dala ɗari biyar. Ka zaɓi ƙirga guda ka faɗi sunanta a fili. Kalmomin Fulatanci da Faransanci da suka zauna a Hausar Garwa da Marwa kuwa, ka tambayi wanda ya ba ka aikin ina za a kai bidiyon. In har Kusiri da Njamena zai je, ko ya tsallaka Mubi da Yola, gara Hausar da kowa ke ji.

Kada ka tashi daga wannan mataki sai ka karanta kowace jimla da bakinka a kan hoton, sauti a kashe, sau uku a jere ta shiga ba tare da ka yi gudu ba.

4. Ɗaki da lokaci

Ɗakin siminti marar kaya yana amsa-kuwwa, kuma babu manhajar da za ta cire maka ita da kyau. Ka nemi ɗakin da ke da katifa, labule da kaya a rataye. Ka jingina katifa a bango bayan mai murya, ka rataya bargo a gefe, ka shimfiɗa darduma. Ka tafa hannu sau ɗaya: in ka ji wutsiyar sauti tana bi, ƙara bargo.

Fanka dole a kashe ta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka nake ɗauka minti 10, a buɗe ƙofa a kunna fanka minti 5. Lokacin da ya fi mini shi ne bayan isha'i da kamar awa biyu, babura sun ragu, yara sun kwanta. Da asuba zakaru ba za su bar ka ba. Da damina in ruwa ya sauko a kan kwano, a haƙura. Da hunturu leɓɓa kan bushe su riƙa ɗan ƙara in an buɗe baki, sai a riƙa kurɓar ruwa.

Ka cika batirin kwamfuta tun da rana, ka cire caja lokacin ɗauka. Caja takan shigar da wani gunji siriri daga wutar lantarki, kuma in wuta ta ɗauke ba ta same ka a tsakiyar aiki ba.

5. Ɗauka

Makirufo ya kasance tazarar taƙi guda daga baki, a ɗan karkace, don iskar b da f kada ta buge shi. In ba ka da mataci mai tare wannan iska, ka ɗaura safa siririya a kan zoben waya ka sa a tsakani. Ka sa mai murya ya faɗi jimlar da ta fi ƙarfi, ka duba ma'auni ya tsaya tsakanin `-12` da `-6`. In ya taɓa `0`, sautin ya fashe, kuma fashewa ba ta gyaruwa.

Mai murya ba zai iya jira ya ga baki ya motsa sannan ya fara ba, kullum zai makara. Maganin wannan ƙara uku ne. A `Audacity` ka shiga `Generate` sai `Tone`, ka yi ɗan ƙara mai `1000` na tsawon firem ɗaya ko biyu. Ka kai shi `Shotcut` ka jera uku a wani layi dabam, tsakaninsu firem 15, yadda na huɗu da babu shi zai faɗo daidai kan firem ɗin fara magana. Mai murya zai ji tit, tit, tit, sai ya shiga a kan na huɗu kamar mai bin kiɗa. A jimlarmu da ke farawa 41:05, ƙararrakin suna 39:10, 40:00 da 40:15.

Ga yadda nake tafiyar da kowace jimla. A saurari ta asali sau biyu. A gwada sau biyu tare da ita. Sannan a rage ta asali ƙasa sosai a kunne, a ɗauka sau uku. In an bar ta da ƙarfi, abu biyu ke faruwa: tana tsiyayowa daga kas ta shiga makirufo, kuma mai murya yana fara kwaikwayon karin Faransanci, yana ɗaga ƙarshen kalma inda Hausa ke saukewa. Wannan na biyu ya taɓa lalata mini aikin yini guda. Kowace jimla ta dace da baki, amma da na kunna wa wata gwaggota sai ta ce, "Ɗana, wannan mutumin Hausa yake yi kuwa?" Tun ranar nake sa wani ya zauna ya juya wa hoton baya, aikinsa kawai ya ji ko maganar ta Bahaushe ce.

Rubutun a rubuta shi da manyan haruffa, a manna shi dab da ƙasan allon kwamfuta, a sa alamar tsaye a wurin shiru. Gara ma mai murya ya haddace jimlar, idonsa ya zauna kan baki. In mutumin cikin hoto yana sunkuye yana ɗaure buhu, shi ma ya ɗan sunkuya ya matse hannu, don ƙoƙari yana fita a murya. Numfashi, "uhm", tsaki da dariya duk a ɗauke su. Baki a buɗe babu sauti yana da muni kamar sauti babu baki.

In da waya kake ɗauka, ka kunna ta ta yi ta tafiya, ka faɗi lambar jimla kafin kowace ɗauka, kuma ka tafa hannu daidai kan ƙara na farko. Tafin zai fito kamar tsini a zanen sauti, sai ka ɗora shi a kan ƙaran. Kafin a tashi, kowa ya yi shiru ka ɗauki sakan 30 na ɗakin kawai. Za ka buƙace shi.

6. Daidaitawa

A `Shotcut` ka jera ɗaukar da ka zaɓa a ƙarƙashin sautin asali, ka faɗaɗa zanen har ka ga kowace gaɓa. Ka fara daidaita farkon jimla, sannan ka yanka a tsakiyar shirun da `S`, ka matsar da rabi na biyu shi kaɗai. A jimlarmu mai murya ya yi shirun firem 5 maimakon 8, na yanka na tura rabi na biyu gaba da firem 3, sai "tam" ta sauka daidai inda leɓɓa suka haɗu. Gurbin da ya buɗe ka cike shi da shirun ɗakin nan da ka ɗauka. In ka bar shi fanko, kunne zai ji kamar an toshe shi na ɗan lokaci.

In za ka yi kuskure, gara murya ta makara da firem ɗaya da ta riga baki. Ido da kunne sun saba da jinkirin sauti, kamar yadda kake hango tabarya ta sauka a turmi kafin ka ji dukan. Sautin da ya riga hoto kuwa babu shi a duniya, don haka ko firem biyu ne ana ganewa.

Idan jimla ta ɗara da kaɗan, `Change Tempo` a `Audacity` tana rage tsawo ba tare da ta sauya kaurin murya ba. Kada ka ruɗe ta da `Change Speed and Pitch`, wadda ke mayar da muryar dattijo ta yaro. Ni ba na wuce kashi 8 cikin ɗari. Fiye da haka murya tana fara rawa kamar daga cikin gwangwani, kuma alama ce ta cewa rubutun ne ke da gyara. Ka koma mataki na uku ka cire gaɓa biyu.

Yadda za ka gane ciwo in abu ya saɓa: idan duk jimlolin sun makara da adadi guda, jinkirin na'ura ne, ka zaɓe su duka ka ja baya lokaci ɗaya. Idan farko ya dace amma saɓanin yana ƙaruwa, matsalar firem ce ko ma'aunin sauti. Bambancin 24 da 25 kaɗai yana kai fiye da sakan 2 a kowane minti. Idan kuwa wasu sun dace wasu ba su dace ba babu tsari, aikin hannu ne, sai bi ɗaya-ɗaya.

7. Haɗa sauti da fitarwa

Ka wanke murya da sauƙi. `High-Pass Filter` a kan `80` tana kwashe gunjin ƙasa. `Noise Reduction` kaɗan kawai, in ka matsa mata sai murya ta zama kamar ta cikin ruwa.

In ka samu sautin da babu magana, ka ɗora muryarka a kai, ka rage kiɗa har kowace kalma ta fito. In ba ka samu ba, hanya biyu ce. Ta farko, ka yanke sautin asali duk inda ake magana, ka cike da sautin wurin da ka kwafo daga inda babu magana, iska, kaji, hayaniyar nesa. Motsin da ya tafi tare da maganar ka sake yin sa da hannunka. Ƙarar ledar buhun nan, leda na murza a gaban makirufo ina kallon hannun malamin. Ta biyu, in kiɗa ya cakuɗe da magana yadda ba ya rabuwa, ka sauke sautin asali ƙasa sosai ka bar shi ana jin sa kaɗan. Wannan ya fi sauƙi, amma ka sani ya koma irin fassarar labarai, kuma ka gaya wa mai aikin tun da wuri.

Muryar da aka ɗauka cikin barguna takan yi kusa da kunne fiye da kima in mutumin cikin hoto yana tsakar gona. Ka ɗan rage ta a wuraren N, ka bar sautin gonar ya ɗan hau.

Ka cire layin ƙararrakin nan uku kafin fitarwa. In ka haɗa sautin duka a fayil guda, wannan zai manna shi ba tare da an taɓa ingancin hoton ba:

```
ffmpeg -i aiki.mp4 -i hausa.wav -map 0:v -map 1:a -c:v copy -c:a aac -b:a 192k fita.mp4
```

Gwaji na ƙarshe a waya ake yin sa, don a can za a kalla. Ka tura wa kanka bidiyon ta hanyar da za a raba shi, ka kunna da lasifikar ƙaramar waya a tsakar gida, inda akwai hayaniya. Ka duba jimlolin K guda uku, ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. Sannan ka miƙa wa wanda bai san Faransanci ba kuma bai ga asalin ba, in ya gama ka tambaye shi leda nawa ake ɗaurewa kuma wacce ake fara ɗaurewa. In ya yi jinkirin amsa, ka nemo jimlar a takardarka da lambarta, ka sake ɗinka ta, ka kira mai murya a ɗauki ita kaɗai a ɗaki guda da tazara guda.